Kafin Mara Lafiya Ya Tashi Daga Gado: Yadda Ake Tace Takardar Sallama

Ranar da aka sallami mutum daga asibiti, hankalin kowa yana kan kuɗin da ya rage a biya, da motar da za ta kai shi gida, da 'yan dubiyar da ke jira. Takardar da aka miƙa wa mai jinya kuwa akan ninke ta a jefa cikin ledar magani. Amma ita ce za ta yi magana a madadin likitocin da suka kwantar da shi. Likitan da zai gan shi nan da mako biyu a asibitin garinsu bai ga fayil ɗinsa ba, bai halarci zagayen da manyan likitoci suka yi a kansa ba, sau da yawa ma ba shi da lambar wayar kowa a can. Abin da takardar sallama ta ce shi zai ɗauka gaskiya, a kansa kuma zai rubuta sabon magani.

A manyan asibitocinmu, wanda ya fi rubuta wannan takarda shi ne ƙaramin likita mai sanin makamar aiki, kuma yakan rubuta ta ne bayan zagaye, ga waɗansu marasa lafiyar suna jiransa. Yana kwafo jerin magunguna daga fayil mai shafuka da yawa, da rubutun hannun mutane daban-daban. A wajen kwafin nan ne ake yin tuntuɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2017 na rage cutarwar da kuskuren magani ke jawowa, ta ware wurare uku da ta ce sun fi haɗari, ɗaya daga cikinsu shi ne lokacin da mara lafiya ke fita daga hannun wasu masu kula da shi zuwa hannun wasu. Sallama ita ce babban misalin wannan.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, takardar sallama ba a tace ta da karanta ta ita kaɗai. Wanda ya karanta ta daga sama har ƙasa yana neman kuskuren harafi zai kama abin da ya fito fili, ya bar wanda zai yi kisa, domin kuskure mai kisa yakan zo ne da kamar daidai. Sai an ajiye ta gefe da gefe da takardar ba da magani ta ɗakin jinya, wadda nas-nas ke sa hannu a kai duk lokacin da suka ba da ƙwaya ko allura, sannan a bi layi-layi.

Bari mu ɗauki misali, wanda na tsara shi daga irin abin da ake gani yau da kullum. Dattijuwa ce mai kimanin shekara 60, mai ciwon suga. An kwantar da ita ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, zuciyarta na bugawa da sauri ba tsari. Gwaji ya nuna cewa halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, tana aiki fiye da kima, shi ya hargitsa bugun zuciyar har ta gaza. Bayan kwana goma ta samu sauƙi. Ga layuka huɗu da na tsamo daga jerin magungunan da aka rubuta mata, da Turanci kamar yadda ake yi a asibitocin Najeriya:

```
Tabs Lasix 40mg bd
Tabs digoxin .25mg dly
Tabs carbamazepine 10mg bd x 2/52
SC Mixtard 12U mane, 8U nocte
```

Rubutun a tsaftace yake, kowane suna kuma sunan magani ne na gaske. Amma babu layi ɗaya a cikin huɗun nan da ya kamata ya fita daga ɗakin jinya a yadda yake.

Tambayar farko da mai tacewa zai yi wa kowane magani ita ce, wace cuta ce a cikin takardar nan ta sa aka rubuta ka? Layi na uku shi ne zai kasa amsawa. `carbamazepine` maganin farfaɗiya ne, ana kuma ba da shi don wani irin ciwon jijiyar fuska. Dattijuwar nan ba ta da ko ɗaya. Sai a juya tambayar: wace cuta ce a takardar da ba ta da magani? Ga matsalar halittar wuya an rubuta ta a sama, ita ce ma tushen kwanciyar, amma babu maganinta a jerin. Maganin da ake ba ta a ɗakin jinya shi ne `carbimazole`. Sunayen biyu sun fara da haruffa huɗu iri ɗaya, kuma hannun da ya gaji yakan ƙarasa wanda ya fi sabawa da shi. A asibitocin da suka koma kwamfuta ma ba a tsira ba: likita ya buga `carb`, jerin sunaye ya sauko, ya latsa na sama.

Akwai shaida ta biyu a layin, ita ce adadin. Kowane magani yana da irin lambobin da yake tafiya da su. `carbimazole` ƙwayarsa da aka fi sani miligiram 5 ce, kuma akan fara wa babba da miligiram 15 zuwa 40 a rana, don haka 10 sau biyu ya zauna daidai. `carbamazepine` kuwa ƙwayoyinsa na miligiram 100 ne, da 200, da 400. Babu ƙwayarsa ta miligiram 10. Idan suna da lamba suka ƙi jituwa haka, ɗaya daga cikinsu kuskure ne, sai dai takardar ba za ta gaya maka wanne ba.

Nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Likita na gaba, ko mai ba da magani a kemis, shi ma zai ga 10 ba ta dace ba. Da kyakkyawar niyya zai ce ai sifili ne ya faɗi, 100 ake nufi, ya gyara lambar ya bar sunan. Daga nan layin ya zama cikakke, babu sauran abin da zai ja hankalin kowa. Dattijuwa za ta koma gida tana shan maganin farfaɗiyar da ba ta buƙata, mai iya sa jiri da tangaɗi, da rage gishirin jini, wani lokaci har da mummunan ƙurajen da ke saɓule fata. A gefe guda kuma cutar da ta kwantar da ita tana ci gaba ba magani, zuciyar da aka sha wahala aka lallaɓa ta koma gidan jiya. Shi ya sa ƙa'idar ita ce mai tacewa ba ya cike giɓi da hasashe. Ya koma takardar ba da magani ya ga abin da aka ba ta jiya da shekaranjiya, ya kuma tambayi wanda ya rubuta.

Irin waɗannan tagwayen sunaye suna da yawa. Akwai `chlorpropamide` na ciwon suga da `chlorpromazine` na taɓin hankali, akwai `hydralazine` na hawan jini da `hydroxyzine` na ƙaiƙayi. Don rage rikicin ne aka ɓullo da rubuta sashen da ya bambanta da manyan haruffa, kamar `chlorproPAMIDE` da `chlorproMAZINE`, hanyar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara neman kamfanoni su bi a 2001. Rubuta dalilin shan magani a gefensa ya fi wannan sauƙi, kuma ba ya buƙatar komai sai kalma biyu. Da an rubuta cutar wuyan a gaban sunan, da duk wanda ya karanta ya tsaya.

A ƙarshen layin nan kuma akwai `x 2/52`. A rubutun likitocinmu `5/7` kwana biyar ne, `2/52` mako biyu, `3/12` wata uku. Wanda ya rubuta yana nufin a ba ta na mako biyu kafin ranar dawowa ganin likita. Wanda zai karanta yana iya fahimtar a sha mako biyu a daina, kamar maganin ƙwayoyin cuta. Alhali `carbimazole` akan sha shi wata 12 zuwa 18, ana gwajin jini ana rage adadin a hankali. Dole takarda ta bambanta tsakanin yawan abin da aka ba mutum a hannu da tsawon lokacin da zai yi yana sha.

Yanzu layi na biyu, `digoxin .25mg`. Abin da ido zai fara gani shi ne ɗigon da ke tsaye ba sifili a gabansa. Ɗigo irin wannan yakan ɓace a ninkin takarda, ko a kwafin inji, ko a hoton da aka ɗauka da waya aka tura wa wani, sai `.25` ta zama `25`. Ƙa'idar ita ce a sa sifili kafin ɗigo, a rubuta `0.25`, kada kuma a sa sifili bayan cikakkiyar lamba, domin `5.0` in ɗigonta ya ɓace ta zama `50`. Wanda ya fi duka a wannan magani shi ne a kauce wa ɗigon gaba ɗaya a rubuta da mikrogiram, wato 250, a kuma rubuta kalmar a cike. Alamar `µg` da hannu tana kama da `mg`, kuma tsakaninsu ninki dubu ne.

Sai dai a gaskiya wannan kuskuren yakan tona kansa. Miligiram 25 na `digoxin` ƙwaya ɗari ce ta mikrogiram 250, babu mai ba da maganin da zai ƙirga wannan bai tsaya ba. Ɓoyayyen kuskuren layin yana wani wuri. Idan aka buɗe takardar ba da magani za a ga an fara wa dattijuwar da mikrogiram 250, amma a kwana na shida gwajin ƙoda ya nuna aikinta ya ragu, sai babban likita ya rage zuwa 125. Wanda ya rubuta sallama ya kwafo daga shafin farko. Mikrogiram 250 adadi ne da ake ba mutane kullum, don haka likita na gaba ba shi da dalilin shakka, mai kemis ma haka. Amma ƙoda ce ke fitar da wannan magani daga jiki, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke amfani da wanda ke zama guba ƙarama ce ƙwarai. A jikin tsohuwar da ƙodarta ta yi rauni zai taru a hankali. Bayan kwanaki sai ta daina cin abinci, ga tashin zuciya da amai, wani lokaci ta ce tana ganin abubuwa rawaya-rawaya, bugun zuciya ya yi ƙasa ko ya rikice. A gida za a ce zazzaɓi ne ko gyambon ciki. Maganin fitsarin da ke layin farko kuma yana zubar da sinadarin fotashiyam, ƙarancinsa kuwa yana ƙara wa gubar `digoxin` ƙarfi.

Babu ƙwarewar karatu da za ta kama wannan daga takardar sallama kaɗai. Abin da ke kama shi shi ne a kwatanta kowane adadi da na ranar ƙarshe a ɗakin jinya, a kuma duba bayanin zagayen ƙarshe ko an ce a sauya wani abu kafin tafiya. In an sauya adadi a lokacin kwanciya, a faɗa a takardar cewa an rage daga kaza zuwa kaza saboda kaza. Rashin faɗin dalili yakan sa likita na gaba ya ga tsohon kati, ya ɗauka sabon adadin ne kuskure, ya mayar da shi yadda yake.

Layi na huɗu na insulin ne, kuma harafin `U` da ke manne da lambobin yana cikin gajerun rubutun da aka fi sani da kisa. Ana nufin ma'aunin insulin, wato yunit, amma da rubutun hannu `U` takan rufe baki ta zama sifili. `12U` ta zama 120, `8U` ta zama 80. Ta farkon tana iya jan hankali, tunda sirinjin insulin na yau da kullum yunit 100 yake ɗauka. Ta biyun kuwa tana shiga sirinji lafiya lau. Yunit 80 a jikin wadda ke buƙatar 8, da dare, suganta zai faɗi tana barci, gumi da karkarwar da za su gargaɗe ta su wuce ba wanda ya gani, da asuba a same ta ba ta farkawa. Hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta fitar da jerin gajerun rubutun da ta hana amfani da su tun 2004, kuma `U` na ciki, tare da `IU` da ake ɗauka `IV` ko 10, da `QD` da `QOD`, da batun sifilin da muka ambata, da `MSO4` da `MgSO4` waɗanda ake rikita su alhali ɗaya mai kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi, ɗayan kuma shi ake yi wa mai jijjigar haihuwa. Maganin matsalar shi ne a bar fili bayan lamba a rubuta `units` a cike.

Kalmar `nocte` ma a nan ba daidai ba ce. Ma'anarta lokacin kwanciya barci. Wannan insulin gauraye ne, kashi 30 cikin ɗari mai saurin aiki, 70 mai jinkiri, kuma ana yin sa kamar rabin awa kafin cin abinci. A ɗakin jinya kafin abincin dare ake yi mata. Idan aka yi shi da ƙarfe goma, bayan tuwon magariba ya daɗe da wucewa, kashin mai saurin aiki ba zai tarar da abinci ba, suga ya faɗi ko da adadin daidai ne.

Layin farko shi ne mafi sauƙi. `Lasix` sunan kamfani ne, ainihin sunan maganin `furosemide`, wasu tsofaffin hannu kuma har yanzu `frusemide` suke rubutawa. Idan dattijuwar tana da ragowar `furosemide` a gida, jikanta zai ga sunaye biyu ya ɗauka magani biyu ne, ya ba ta duka, ta bushe. Sunan kamfani yana da nasa tagwayen ma: a 1990 an sauya wa maganin gyambon ciki `Losec` suna a Amurka zuwa `Prilosec` saboda ana rikita shi da `Lasix`. A rubuta ainihin suna. Sannan `bd`, sau biyu a rana, mutane kan fahimce shi safe da dare, alhali kashi na biyu na maganin fitsari da rana ake sha, wajen azahar, don kada tsohuwa ta kwana tana zarya zuwa banɗaki cikin duhu har ta faɗi.

Saura kuskuren da ba shi da layi. Kafin a kwantar da ita dattijuwar tana shan `metformin` don suga, aka dakatar da shi da ƙodarta ta yi rauni, aka koma insulin. Takardar ba ta ambace shi ba sam. Shirun nan yana da fassara biyu, ko an daina da gangan, ko an manta. Likita na gaba yana iya mayar da shi, iyalinta kuma suna da kwalinsa a gida. Don haka tacewa tana buƙatar takarda ta uku, wato jerin abin da mutum yake sha kafin ya zo. Kowane magani da ke cikinsa sai an faɗi makomarsa: a ci gaba, an sauya, ko an daina, da dalili. Haka kuma a duba ko an rubuta magungunan da jikinsa ba ya karɓa, da nauyin jiki in yaro ne, tunda adadin maganin yara da kilo ake lissafa shi.

Ga yadda jerin ya kamata ya fita:

```
furosemide 40 mg at 8 am and 2 pm
digoxin 125 micrograms once daily - reduced from 250, kidney function
carbimazole 10 mg twice daily for thyrotoxicosis - continue, do not stop
Mixtard 30: 12 units before breakfast, 8 units before evening meal
metformin - STOPPED, kidney function
```

Ya fi na farko tsawo, amma bai fi minti biyu ba a rubuta shi. A ƙarƙashinsa ya kamata a ƙara ranar da za a sake gwajin ƙoda da na halittar wuya, da gargaɗin da ke tafiya da `carbimazole`: in ta ji ciwon maƙogwaro, ko zazzaɓi, ko gyambon baki, ta dakatar da shi ta zo a duba jininta a ranar, domin a wasu 'yan tsiraru yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta.

Wa ya kamata ya yi tacewar? A ganina, wanda ya rubuta shi ne mafi raunin mai tace rubutunsa, domin idonsa yana ganin abin da ya yi nufi. Ido na biyu ake so, ko likitan da ke sama da shi, ko ma'aikacin famasi, ko nas ɗin da ta san abin da ta riƙa ba mara lafiyar. Hanyar da ta fi kama kuskure ita ce mutum ɗaya ya karanta takardar sallama da ƙarfi, suna da adadi da ma'auni da lokaci, ɗayan yana bin takardar ba da magani da yatsa. Idan aka sami kuskure, likitan da ya rubuta shi zai gyara, ya ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, ya rubuta daidai a gefe, ya sa hannu da kwanan wata. Ba a shafewa, ba a kuma ɗora sabon rubutu a kan tsoho, domin lambar da aka maimaita a kanta ita ce ta fi kowace rikitarwa. In akwai kwafi a fayil ko a kwamfuta, shi ma a gyara, in ba haka ba kuskuren zai dawo a kwanciya ta gaba. In kuwa mara lafiya ya riga ya tafi, a kira shi a waya a ranar.

Ga waɗanda ke tsallaka iyaka neman magani, kamar mutanen Maraɗi da Damagaram da ke zuwa Katsina ko Kano, gajeren rubutu ya fi haɗari. Likitan da zai karɓe su da Faransanci ya yi karatu, shi `cp` yake rubutawa don ƙwaya, `/j` don kowace rana, da waƙafi yake raba lamba inda na Najeriya ke sa ɗigo, sunayen kamfanonin magungunan ma sukan bambanta. `dly` da `2/52` ba lallai su gaya masa komai ba. Takardar irin wannan mara lafiya ta fi kowace buƙatar ainihin sunan magani da cikakkun kalmomi.

Mai jinya ba likita ba ne, kuma bai kamata ya sauya ko ɗigo a takardar da hannunsa ba, ko ya hana mara lafiya magani don ya yi zato. Amma akwai abin da yake iyawa kafin a naɗe tabarma. Ka zo da duk magungunan gida a leda ɗaya, ka ajiye su a gaban nas ko ma'aikacin famasi tare da sababbin. Ka nemi a nuna maka kowane layi a takardar da kwalin da ya yi daidai da shi, a gaya maka da Hausa na mene ne, guda nawa, da wane lokaci, zuwa yaushe, da kuma waɗanda za a ajiye a daina. Idan ƙwayar da aka ba ku ta bambanta da wadda ka ga ana ba shi a ɗakin jinya, ko aka ambaci cutar da ba a taɓa gaya muku yana da ita ba, ka ce, "Sista, don Allah a duba mana wannan da likita kafin mu tafi." Ka karɓi lambar wayar ɗakin jinyar, ka kuma tafi da takardar duk inda za a sake ganin likita.